Sulhu a Rikicin Gado da Yadda Ake Rubuta Yarjejeniyar da Za Ta Tsaya

Jawabin Sakataren Gidauniya a taron shekara na masu bayar da gudummawa da kwamitocin masallatai

  

An ba ni wannan lokaci in yi bayani a kan wani aiki da bai shiga lissafin kuɗin gidauniya ba, amma yana isowa ƙofarmu ta hanyar takardun neman zakka. A cikin zawarawa da marayun da ke neman taimako akwai waɗanda mahaifinsu ya bar gida da shago da gona, sai dai dukiyar tana ƙulle a cikin rigimar da ta ƙi ƙarewa, suna da haƙƙi a kanta amma ba su da ikon taɓa ko kwabo. Ku kuma 'yan kwamitin masallaci, ku ne ake fara kawo wa irin wannan ƙara bayan sallar asuba. Saboda haka zan taƙaita magana a kan yadda ake zaman sulhun, da yadda ake rubuta abin da aka cimma ta yadda ba zai warware ba bayan shekara biyu.

Abu na farko da ya kamata mai sulhu ya riƙe shi ne cewa rabon da Allah Ya yanka a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176, ba shi ake sulhu a kansa ba. Tumunin matar da mijinta ya bar 'ya'ya tumuni ne, ko ana shiri da ita ko ba a yi. Abin da ake sulhu a kansa shi ne yadda kowa zai karɓi rabon nasa: wa zai ɗauki gida, wa zai ɗauki kuɗi, nawa ne ƙimar shago, da yadda za a warware da'awar da ba ta da cikakkiyar shaida. Ƙa'idar da malamai suka ɗauko daga hadisi da kuma wasiƙar Sayyidina Umar zuwa ga Abu Musal Ash'ari ita ce sulhu halal ne muddin bai halatta haram ba, bai kuma haramta halal ba. Malaman Malikiyya, kamar yadda yake a Mukhtasar na Shaihu Khalil da Tuhfatul Hukkam na Ibn Asim, suna kallon sulhu ta fuskar abin da ya zama a haƙiƙa. Idan mutum ya karɓi wani abu daban a madadin haƙƙinsa, ciniki ne, sharuɗɗan ciniki sun hau kansa. Idan amfani ya karɓa, haya ce. Idan kuwa ya karɓi wani ɓangare ya bar saura, kyauta ce. Duk wanda ya fahimci wannan rabe-rabe zai gane dalilin da ya sa ba a yin sulhu a kan dukiyar da ba a san adadinta ba, domin ba a cinikin abin da ba a sani ba.

Bari in ɗauki misali guda in bi shi daga farko zuwa ƙarshe. Misali ne na koyarwa, na kuma zaɓi alƙaluman ne domin lissafi ya yi sauƙin bi.

Wani ɗan kasuwa ya rasu ya bar mahaifiyarsa da mata biyu da 'ya'ya biyar. Ɗakin uwargida akwai babban ɗa namiji da mata biyu, duk sun balaga. Ɗakin amarya akwai yaro namiji da yarinya, dukansu ƙanana. Ya bar gidan da ake zaune a ciki, da shago a bakin titi da ake haya, da gona, da naira 4,160,000 a banki. Shekara uku ba a raba ba. Babban ɗa yana karɓar kuɗin hayar shago, naira 400,000 a shekara, yana kuma cewa shi ya gina ɗakunan sama na gidan da kuɗinsa har naira miliyan 3. Amarya tana cewa marigayi ya ba ta gonar tun yana raye. Tsohuwa kuwa ta yi shiru, ba wanda ya tambaye ta.

Kada ku fara da tara su a zaure ɗaya. A zaman farko na gaba ɗaya, wanda ya fi ƙarfin murya shi ke cinye taro, amarya ba za ta buɗe baki a gaban surukarta ba, 'yan mata kuma ba za su musa wa yayansu ba. A fara ganawa da kowane ɗaki daban, a kuma samu mace mai mutunci daga cikin kwamiti ko malamar Islamiyya ta zauna da matan. Mai sulhun ya zama ba shi da dangantaka da ɗaya daga cikin ɗakunan, ba ya kuma sha'awar sayen komai daga dukiyar. Wannan na ƙarshen ina ƙarfafa shi, domin da zarar an ji cewa mai sulhu ko ƙaninsa yana taya shagon, maganarsa ta daina shiga kunnen kowa.

Daga waɗannan zama ake fitar da jerin abubuwa biyu. Na farko sunayen magada, tare da tambayoyin da kunya ke hana yi: akwai mai juna biyu a cikin matan? Akwai matar da ya saka sakin kome ya rasu tana cikin idda? Akwai 'ya'ya a wani gari? A mazhabar Malikiyya ana dakatar da rabo idan akwai ciki har sai an haihu. A kuma lura cewa wanda marigayi ya rubuta sunansa a banki a matsayin makusanci bai zama magajin kuɗin ba saboda wannan rubutu. Mutum ne kawai da za a tuntuɓa. Idan wani magaji ya rasu bayan marigayin kafin a raba, rabonsa ya koma ga nasa magadan, abin da malaman fara'id suke kira munasakha, kuma dole su ma a zo da su. Na biyu jerin dukiya da basussuka, kowane abu da takardarsa: takardar gida, rasit ɗin haya, bayanin asusun banki.

Akwai abin da ba na kwamiti ba ne. Idan ana musun cewa wane ɗan marigayi ne, ko ana jayayya a kan aure ko saki, a miƙa wa alƙali. Malamanmu ba su ba ko wanda aka naɗa ya yi hukunci tsakanin mutum biyu ikon yanke maganar nasaba da saki ba, balle mai shiga tsakani. A jira hukuncin kotu, sannan a dawo kan rabo.

Yanzu mu koma kan da'awoyin. Maganar amarya a kan gona ana auna ta da tambaya ɗaya: ta karɓi gonar a hannunta kafin ya rasu? A Malikiyya kyauta ba ta cika sai da hauzi, wato mallakewa a aikace, kuma idan mai kyauta ya rasu kafin hakan kyautar ta ɓaci. A misalinmu shi ya ci gaba da noma ta yana kwashe amfanin har daminarsa ta ƙarshe, don haka gona ta koma cikin gado. Yana da kyau a faɗa mata wannan a keɓe, a kuma bayyana mata cewa ba a ƙaryata ta ba. Mai yiwuwa ya faɗa ɗin, sharaɗi ne bai cika ba. Sau da yawa abin da ya fi yi wa mai da'awa zafi shi ne a kira shi maƙaryaci a gaban dangi.

Da'awar babban ɗa ta fi wuya, domin akwai marayu. Manya suna iya cewa sun yarda da miliyan 3 ɗin ba tare da shaida ba, amma yardarsu tana aiki ne a kan nasu kason kaɗai, ba ta rage wa yara komai. Saboda haka aka nemi shaida. Rasit ɗin siminti da rodi da bayanin maginin da ya yi aikin da ɗan kwangilar rufi sun tabbatar da naira 1,500,000, shi kuma ya amince ya janye sauran. Sai aka lissafa wannan a matsayin bashi a kan dukiyar, ɗakunan saman kuma suka shiga ƙimar gida. A ɗaya ɓangaren, hayar shago ta shekara uku, naira 1,200,000, haƙƙin magada ne gaba ɗaya da ke hannunsa. Da aka cire wannan daga wancan, saura naira 300,000 yake bi. Akwai kuma bashin wani abokin ciniki, naira 500,000, da aka tabbatar. Idan aka cire waɗannan biyun daga kuɗin banki, abin da ya rage shi ne naira 3,360,000. An riga an biya kuɗin jana'iza, marigayi kuma bai bar wasiyya ba. Da ya bari, da an fitar da ita bayan bashi, ba ta wuce sulusi ba, ba kuma ga magaji ba.

Ƙimar kadara ita ce wurin da rigima ta fi yawan sake tashi. Kada a bar magaji ya yi wa abin da yake son ɗauka kuɗi. A kawo masana biyu da ɗakunan suka amince da su, kowa ya rubuta nasa, a kuma yi yarjejeniya tun kafin su shiga gidan a kan abin da za a yi idan suka saɓa. A rubuta ranar da aka yi ƙimar, domin a halin da naira take ciki, ƙimar bara ba ta bana ba ce. A misalinmu gida ya tsaya a naira miliyan 18, shago naira 7,200,000, gona naira 5,040,000. Jimillar kadara naira 30,240,000.

Lissafin fara'id ɗin haka yake. Mata suna da tumuni, uwa tana da sudusi, saura na 'ya'ya, namiji yana da rabon mata biyu. Asalin mas'alar 24 ne: mata 3, uwa 4, 'ya'ya 17. Uku ba ta rabuwa ga mata biyu, 17 kuma ba ta rabuwa gida bakwai, don haka aka ninka da 14 ya zama 336. Kowace mata tana da 21, uwa 56, kowane ɗa namiji 68, kowace 'ya mace 34.

A nan akwai wata dabara da nake roƙon kwamitoci su riƙe: a raba tsabar kuɗi daban, kowa ya ɗauki ainihin kasonsa, kafin a shiga maganar kadara. Dalili shi ne idan aka ce wa magaji ya karɓi dunƙulallen kuɗi ya fita daga dukiyar da ita ma ta ƙunshi kuɗi, an sayar da kuɗi da kuɗi tare da wani abu ba tare da an san daidaito ba, wannan kuwa ƙofar riba ce, kuma malaman Malikiyya sun tsananta a kanta. Fitar magaji da wani abu sananne, wato takharuj, halal ne, asalinsa ma tun zamanin sahabbai ne, lokacin da magadan Abdurrahman bn Auf suka yi sulhu da matarsa Tumadir a kan kasonta a halifancin Sayyidina Usman. Sai dai hanya mafi aminci ita ce wadda na faɗa. Naira 3,360,000 gida 336 ya ba da naira 10,000 a kowane kaso: kowace mata naira 210,000, uwa 560,000, ɗa namiji 680,000, 'ya mace 340,000.

A kadara kuwa kowane kaso naira 90,000 ne. Tsohuwa tana da naira 5,040,000, wanda ya yi daidai da gona, ta kuma zaɓe ta. Ɗakin uwargida, ita da ɗanta da 'yan matanta biyu, suna da naira 14,130,000. Ɗakin amarya suna da naira 11,070,000. Aka amince ɗakin uwargida ya ɗauki gida, ɗakin amarya ya ɗauki shago. Gida ya ɗara haƙƙin masu ɗaukarsa da naira 3,870,000, kuma wannan shi ne cikon da ɗakin amarya yake bi a kan shago. Wannan rabo shi ake kira rabon yardar juna, saɓanin rabon ƙuri'a.

Yawancin kwamitoci a nan suke yin addu'a su tashi, kuma a nan ne rigimar gaba take kwanciya. Ba "ɗaki" ne ke mallakar dukiya ba, mutane ne. Idan babban ɗa ne kaɗai zai biya cikon, to kasonsa a gidan ya tashi daga naira 6,120,000 zuwa 9,990,000, wato kashi 55.5 cikin 100, kowace ƙanwarsa tana da kashi 17, mahaifiyarsu kashi 10.5. Dole a rubuta wannan a takarda. In ba haka ba, ranar da uwargida ta rasu, ko ya so sayarwa, zai ce ai gidan nasa ne tun da shi ya biya. Haka shago da kuɗin ciko: amarya da ɗanta da 'yarta suna mallakarsu a kan 21 da 68 da 34, kuma a faɗi asusun da kason yaran zai shiga da wanda zai kula da shi.

Wani abin da nake so in tsaya a kansa shi ne kalmar "na yafe". Za ku ji ta daga bakin 'ya mace a gaban kawunnanta, kanta a sunkuye. Kada a rubuta ta a wannan zama. A keɓe da ita, a faɗa mata adadin da lamba, a ce mata kasonki a kadara naira 3,060,000 ne, a ba ta kwanaki ta yi shawara. Idan ta dawo tana kan bakanta, kyauta ce, a rubuta wa ta ba da kuma abin da ta bayar, wanda aka ba ya karɓa. Abin da aka karɓa da ƙarfin kunya ba ya zama halal don an sa hannu a takarda. Kason maraya kuwa babu mai ikon yafe shi, ko mahaifiyarsa ce, ko wasiyyinsa. Tun da mu gidauniyar waƙafi ce, bari in ƙara da wannan: wani lokaci iyali sukan ce a mayar da gona waƙafi ladan ya kai ga marigayi. Muna maraba da hakan daga kason baligan da suka yarda kaɗai. Ba ma karɓar waƙafin da ya haɗa da haƙƙin yaro, ko na wanda ba ya nan.

Yanzu ita kanta takardar. Ta fara da kwanan wata na Hijira da na Miladiyya, da sunan marigayi da ranar rasuwarsa. Sai sunan kowane magaji cikakke, da dangantakarsa, da ko ya balaga, da wanda ya tsaya wa yaro da hujjar tsayuwarsa. Wanda yake nesa ya aiko da wakilci a rubuce wanda ya ambaci sulhu da sa hannu a fili. Saƙon murya a waya ba ya isa. Sai bayanin dukiya ta yadda baƙo zai gane ta: gida da unguwa da lambar takardarsa, da maƙwabtansa gabas da yamma, kudu da arewa. Sai basussukan da aka biya, da da'awar da aka janye a faɗe ta da sunanta. Sai kason kowa na shari'a tun kafin sulhu, sannan abin da ya karɓa a madadinsa. Rubuta biyun kusa da juna shi ne shaidar cewa ya san haƙƙinsa kafin ya yarda.

Idan ciko ba a hannu yake ba, a rubuta ranakun biya da adadi, misali rabi ranar sa hannu, rabi bayan wata shida. Kada a rubuta "idan Allah Ya hore", domin ajalin da ba a sani ba yana ɓata ciniki. Kada kuma a sa ƙarin kuɗi a kan jinkiri, wannan riba ce. Abin da ya halatta shi ne jingina ko lamuni: takardar gida ta zauna a hannun amintacce ko a kotu har a gama biya, a kuma faɗi abin da za a yi idan wa'adi ya wuce. A rubuta ranar da amarya za ta tashi daga gidan, bayan an tabbatar ta samu inda za ta zauna, da ranar da ɗan haya zai fara biyanta.

A sa sakin layi a kan abin da ka iya bayyana daga baya. Idan aka gano wani fili da ba a sani ba, a raba shi bisa kason 336 ɗin nan. Idan bashi ya tabbata, kowa ya biya gwargwadon kasonsa. Kada a rubuta cewa kowa ya yafe duk abin da zai bayyana, domin yafiya irin wannan ita ce mafakar wanda ya ɓoye wani abu. Fiƙihu ma ya ba wanda aka musa wa haƙƙinsa damar warware sulhu idan mai musun ya yi iƙirari daga baya, ko wata shaida da bai san da ita ba ta fito.

A rubuta takardar da harshen da magada suke ji. Idan lauya ya shirya ta da Turanci, a haɗa da ta Hausa, a karanta ta da ƙarfi a gaban kowa. Ga wanda ba ya karatu, kamar tsohuwar nan, a rubuta a ƙasa cewa wane ya karanta mata ya fassara mata, ta nuna ta fahimta kafin ta dangwala yatsa, shi ma mai karantawar ya sa hannu da adireshinsa. Rashin wannan bayani yana cikin abubuwan da lauyoyi suke kamawa su ƙalubalanci takarda. A sa hannu a kowane shafi, shaidu biyu adilai waɗanda ba magada ba su sa nasu, kowane magaji kuma ya tafi da kwafinsa.

Takardar da aka sa wa hannu a masallaci alkawari ce mai ɗaure waɗanda suka yi ta, amma idan wani ya ƙi cikawa, liman ba shi da ikon tilasta shi, sai an shigar da sabuwar ƙara. Saboda haka a kai ta kotun shari'ar Musulunci da ke da hurumi, magada su bayyana gaban alƙali su tabbatar da ita, ya mayar da ita hukuncin kotu bisa yardar ɓangarori. Daga nan ana zartar da ita kamar kowane hukunci. Inda akwai maraya, kamar misalinmu, ni ba na ɗaukar wannan mataki a matsayin zaɓi, domin alƙali ne zai duba ko musayar kason gida da na shago maslaha ce ga yaran. Bayan hukunci akwai sauran aiki: banki zai nemi takardun kotu kafin ya saki kuɗi, kuma gidan da ke da takardar mallaka ta gwamnatin jiha, canza sunan mai shi yana bi ta ma'aikatar filaye, tun da dokar amfani da filaye ta 1978 ta sharɗanta amincewar gwamna a kan miƙa irin wannan haƙƙi. A rubuta a yarjejeniyar wa zai bi waɗannan takardu, da kuɗin wa.

Roƙona ga kowane kwamiti shi ne ya ware mutum uku domin wannan aiki, malamin da ya iya fara'id, da wanda ya san takardun fili da na kotu, da mace guda, ya kuma aiko da sunayensu ofishin sakatare. Kwamiti ya ajiye littafi guda da za a rubuta kowane sulhu da ranarsa da ranakun biyan ciko, a kuma wakilta wanda zai leƙa iyalin idan wa'adi ya zo, ya ga ko kuɗin ya shiga asusun yaran.